Farin garin da gishiri ke korowa daga ruwa

Duk ɗalibin da ya yi gwajin kimiyyar sinadarai a sakandare ya san wannan: a zuba ruwan da ake son gwadawa a kwalbar gwaji, a ɗiga masa ɗan asid na naitirik, sannan a ɗiga silba naitiret. Idan akwai kuloraid a ciki, wato irin abin da ke cikin gishirin miya, nan take ruwan zai yi fari, wasu gudaji su fara sauka ƙasa. Malam zai ce sunan wannan farin abu silba kuloraid, ana rubuta shi AgCl, kuma ba ya narkewa a ruwa. Ɗalibi ya rubuta, ya haddace, ya ci jarrabawa.

Maganar malam ta isa a ci jarrabawa, amma akwai saura. Silba kuloraid yana narkewa, sai dai kaɗan ne ƙwarai. A lita ɗaya ta tataccen ruwa, a zafin digiri 25, abin da ke narkewa bai kai miligiram 2 ba, kimanin 1.9. Wannan ɗan abin da ido ba ya gani shi ne batunmu, domin ba a tsaye yake ba. Ana iya rage shi. Abin da ke rage shi kuwa gishiri ne, wanda shi kansa ba ya jin wuyar narkewa: giram 36 na shiga cikin ruwa mililita 100 ba tare da gardama ba. Ta yaya abu mai saurin narkewa zai hana wani narkewa?

Sai mun fara da abin da ke faruwa idan gishiri ya shiga ruwa. Ƙwayar gishiri jeri ce ta wasu ƙananan halittu masu cajin lantarki, waɗanda ake kira ayon. Rabinsu na sodiyam ne, masu caji irin na ƙari, rabi kuma na kuloraid, masu caji irin na ragi. Idan ruwa ya same su sai ya raba su, kowanne ya kama gabansa yana yawo. Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tsaya kan wannan bayani a 1887, a lokacin da masana da yawa ke ganin abin bai yi kama da hankali ba. Silba kuloraid ma haka yake: ayon na azurfa da ayon na kuloraid, ɗaya bisa ɗaya. Bambancin kawai shi ne su sun riƙe juna da ƙarfi, ruwa ba ya iya ɓamɓaro da yawa.

Abin lura a nan shi ne ayon na kuloraid ba shi da alamar inda ya fito. Wanda ya fito daga gishiri da wanda ya fito daga silba kuloraid abu ɗaya ne, babu yadda za a bambanta su. Shi ya sa ake kiransa ayon na tarayya, kuma abin da yake haddasawa ake kira tasirin ayon na tarayya.

Yanzu a ce mun zuba garin silba kuloraid a ruwa, mun motsa, mun bar shi ya kwanta. Da ido, komai ya tsaya. A hakika kuwa abu biyu ne ke gudana ba hutawa. Wasu ayon suna saki daga jikin garin suna shiga ruwa, wasu kuma da ke cikin ruwan suna dawowa suna mannewa. Da farko sakin ya fi yawa, tun da babu kowa a ruwan da zai dawo. Da ruwan ya fara cika, dawowar na ƙaruwa, har a kai inda masu fita da masu dawowa suka yi daidai. A nan ne muke cewa ruwan ya ƙoshi. Idan aka ƙara gari, kwantawa kawai zai yi.

Domin garin ya ƙaru, dole a samu azurfa kuma a samu kuloraid, su biyun. Idan aka ninka yawan kuloraid sau biyu, damar da azurfa ke da ita ta haɗuwa da abokin mannewa ta ninku sau biyu. Idan aka ninka azurfar ma haka. Saboda haka abin da ke hukunta ƙoshin ruwan shi ne yawan wannan a ninka da yawan wancan. Walther Nernst, Bajamushe, shi ya fito da wannan ƙa'ida a 1889. Ana rubuta ta haka:

Ksp = [Ag⁺] × [Cl⁻] = 1.8 × 10⁻¹⁰

Alamar [ ] na nufin yawan abu a lita ɗaya, ana auna shi da mol. Mol hanya ce ta ƙirga ƙwayoyi ta amfani da sikeli: mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, mol ɗaya na azurfa giram 108, kuma adadin ƙwayoyin da ke cikin kowanne ɗaya ne. Ita kuwa lambar Ksp, muddin zafin ruwan bai canza ba, ba ta motsi.

Kamar a ba mutum fili ne a ce girmansa kadada ɗaya, ba ƙari ba ragi, amma ya yanka shi yadda ya ga dama. Idan ya yanka shi tsawo da faɗi daidai, shi ke nan. Idan ya ja tsawon ya ninka sau goma, tilas faɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Tsawon shi ne kuloraid, faɗin shi ne azurfa, kadadar kuma ita ce Ksp.

A tataccen ruwa, kowane ayon na azurfa da ya fito yana tare da kuloraid guda, don haka yawansu ɗaya. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 1.8 × 10⁻¹⁰? Amsar ita ce kimanin 1.3 × 10⁻⁵. Wannan a nauyi shi ne miligiram 1.9 ɗin da muka ambata. To, a ce maimakon tataccen ruwa, mun narka gishiri giram 5.85 a litar, wato mol 0.1, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi. Gishirin ya narke gaba ɗaya, ya cika ruwan da kuloraid mol 0.1. Ɗan kuloraid ɗin da silba kuloraid zai ƙara bai taka kara ya karya ba a kusa da wannan, ana iya mantawa da shi. Saura a raba:

[Ag⁺] = 1.8 × 10⁻¹⁰ ÷ 0.1 = 1.8 × 10⁻⁹

Daga 1.3 × 10⁻⁵ zuwa 1.8 × 10⁻⁹. Ayon na azurfa da ke yawo a ruwan ya ragu fiye da sau dubu bakwai, saboda cokalin gishiri guda. Littattafan makaranta kan danganta wannan da ƙa'idar Le Chatelier ta 1884, wadda ke cewa idan aka takura wa abin da ya daidaita, zai karkata ta ɓangaren da zai rage takurar. An tura kuloraid, sai ruwan ya rage shi ta hanyar haɗa shi da azurfa ya kwantar. Bayanin daidai ne, amma ni na fi son lissafin Ksp, don ƙa'idar Le Chatelier ta tsaya ne kan nuna inda abu zai karkata, shi kuwa lissafi yana faɗin ko nawa ne.

Ana iya ganin abin da ido. A ɗebi ruwan da ya ƙoshi da silba kuloraid, wanda ya yi garau bayan garin ya kwanta, a raba shi kwalba biyu. A ɗiga ruwan gishiri a ta farko, a ɗiga silba naitiret a ta biyu. Dukkansu za su yi ɗan hazo, mai rauni, wanda ake gani sosai idan aka sa baƙin kyalle a baya aka hasko ta gefe. A ta farko kuloraid ne ya koro azurfa, a ta biyu azurfa ce ta koro kuloraid. Ruwa ɗaya ne, kuma babu ruwan ƙa'idar da ko wane ɓangare aka ƙara. Wanda ke son abin da ya fi fitowa fili, sai ya cika ruwa da gishirin miya har ya ƙi shan ƙari, ya tace, sannan malamin ɗakin gwaji ya ɗiga masa asid na haidurokulorik mai ƙarfi. Fararen ƙwayoyin gishiri za su riƙa zubowa ƙasa, domin asid ɗin ya kawo kuloraid a ruwan da ba shi da sauran wuri. Da wannan dabara ake samun gishiri mai tsabta ƙwarai don aikin gwaji, saboda sauran dattin da ke ruwan bai kai ƙoshi ba, sai ya zauna a narke.

Mu ɗauki aiki na zahiri. Ɗakin gwaji na makaranta yana tara ruwan silba naitiret da ya rage bayan ɗalibai sun gama aiki. Azurfa na da tsada, kuma ayon ɗinta guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa, don haka bai kamata a tuttular a kwata ba. A ce muna da lita ɗaya mai ɗauke da mol 0.010 na azurfa, wato giram 1.08. Don a kama ta duka ana bukatar mol 0.010 na gishiri, giram 0.585. Idan aka zuba daidai wannan, ba ƙari, kusan duk azurfar za ta kwanta, amma ruwan da ke sama zai zama tamkar tataccen ruwan da ya ƙoshi: mol 1.3 × 10⁻⁵ na azurfa na nan a narke, kimanin miligiram 1.4. A giram 1.08 wannan asara ce ta ɗan fiye da kashi ɗaya cikin dubu. Mai tattara azurfa kawai ba zai damu ba. Mai awo kuwa, wanda aikinsa shi ne ya faɗi ainihin yawan azurfar da ke cikin samfuri ta hanyar auna nauyin garin, a wurinsa wannan kuskure ne da sikelinsa zai gani. Maganinsa shi ne ya ƙara gishiri kaɗan fiye da bukata, misali giram 0.2 a kan na farko. Da wannan ɗan rarar, abin da ya rage a ruwan zai faɗo ƙasa da miligiram 0.1.

Kama azurfa da gishiri tsohon aiki ne. A 1832 Gay-Lussac na Faransa ya wallafa hanyar auna ingancin azurfar kuɗi da ruwan gishiri: a narka azurfar a asid na naitirik, a riƙa zuba ruwan gishirin da aka san ƙarfinsa, a girgiza, a jira ya kwanta, a sake ɗigawa, har a kai inda ɗigo ba ya ƙara haifar da hazo. Gidajen buga kuɗi sun daɗe suna aiki da ita.

A nan ne mai karatu zai ce, to, tun da rarar giram 0.2 ta yi wannan aiki, me zai hana a zuba cokali guda, ko ma dintsi, a kore azurfar kakaf? Lissafin da muka yi ma ai haka ya nuna. Wannan shi ne wurin da nake ganin ana yi wa ɗalibai ƙwauron bayani, domin littattafai da yawa suna tsayawa a kan lambar 1.8 × 10⁻⁹ su ce ita ce narkewar silba kuloraid a ruwan gishirin, alhali idan aka auna ba haka ake samu ba.

Lambar nan tana faɗin yawan ayon na azurfa da ke yawo shi kaɗai, kuma a kan wannan ta yi gaskiya gwargwado. Amma azurfa na da wasu hanyoyin zama a ruwa. Akwai ɗan silba kuloraid da ke narkewa ba tare da ya rabu ba, azurfa da kuloraid suna manne suna yawo tare, kuma yawan wannan ba ya raguwa komai gishirin da aka zuba. Sannan idan kuloraid ya yi yawa, ayon na azurfa guda kan riƙe kuloraid biyu ya zama AgCl₂⁻, ko ma uku. Waɗannan dunƙulallun suna da caji, kuma suna narkewa. Kuloraid ɗin da ya kwantar da garin da farko, idan ya yi yawa, shi ne kuma zai fara cinye shi yana mayar da shi ruwa.

Saboda haka idan aka zana narkewar a takarda, ana ƙara gishiri ana aunawa, layin zai fara da faɗowa da sauri, ya kai wani ƙasa, sannan ya juya ya fara hawa. Ƙasan yana wajen mol 0.003 zuwa 0.004 na kuloraid a lita, wato rarar giram 0.2 ɗin nan da muka zaɓa, kuma a nan narkewar ta ragu kusan sau ashirin. A mol 0.1, cokalin shayinmu, jimillar azurfar da ke narke ta riga ta fara hawa. Har yanzu ba ta kai ta tataccen ruwa ba, amma ta fi abin da lissafin makaranta ya bayar fiye da sau dubu. Idan gishiri ya kai wajen giram 20 a lita, narkewar ta kamo ta tataccen ruwa. A mol ɗaya, giram 58.5, ta wuce ta ninki da yawa. Wanda ya zuba dintsin gishiri don ya tabbatar bai yi asara ba, ya fi wanda bai sa rara ko kaɗan ba asara.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Duk wani gishirin sinadari da aka narka, ko da ba shi da ayon na tarayya, yana cika ruwa da caji. Waɗannan cajin suna kewaye azurfa da kuloraid, suna ɗan rage jan da suke yi wa juna. Idan aka sa fotasiyam naitiret mol 0.01 a lita, wanda babu azurfa babu kuloraid a cikinsa, silba kuloraid zai ƙara narkewa da kimanin kashi goma cikin ɗari. Ba babban abu ba ne a ruwa mai tsarki-tsarki, amma yana tuna mana cewa lissafin Ksp da yawan mol kai tsaye yana aiki ne a ruwan da ba shi da kauri da gishiri. A ruwan teku, ko ruwan gishiri mai kauri, sai an yi gyara.

Mu koma kan litarmu. Mai aikin da ya san hannunsa ba ya zuba busasshen gishiri. Yana narka shi tukuna, ya sa wa ruwan azurfar ɗan asid na naitirik don kada wasu abubuwa kamar kabonet su kwanta tare, sannan ya riƙa zuba ruwan gishirin a hankali yana motsawa. Da farko ruwan zai yi fari fat, ya ƙi kwanciya, domin ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, suna iya bi ta takardar tata su wuce. Sai ya ɗumama shi yana motsawa, ƙwayoyin su harhaɗu su zama gudaji, ruwan sama ya washe. Daga nan sai gwajin da ke nuna ko an gama: a ɗiga ruwan gishiri ɗigo ɗaya ko biyu a ruwan saman da ya washe, a duba inda ɗigon ya faɗa. Idan hazo ya tashi, da sauran azurfa, a ƙara. Idan bai tashi ba, an kai, a sa ɗan rarar nan a tsaya.

Kada a tace da zafi. Ksp na ƙaruwa da zafi, kuma a tafasasshen ruwa silba kuloraid na narkewa kusan sau goma fiye da yadda yake a digiri 25. A bar shi ya huce, kuma a wuri mai duhu, don haske na farfasa shi. Alamar ita ce garin ya tashi daga fari ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, daga baya toka-toka, saboda azurfar ƙarfe da ke fitowa a samansa. Wannan hali na gishirin azurfa ne tushen hoton fim. Wajen wanke garin ma akwai tarko: idan aka wanke da tataccen ruwa, gudajin kan warware su koma ƙanana su tsere ta takarda, ana ganin ruwan da ke ɗiga ya yi hazo. Ana wankewa ne da ruwan da aka sa wa asid na naitirik kaɗan, shi kuma yana tashi idan aka busar. A wasu garurrukan, ayon na tarayya ake sawa a ruwan wankin kansa don kada wankin ya cinye abin da aka tara, kamar yadda ake wanke dalma salfet da ruwa mai ɗan asid na salfurik.

Dabarar gishiri ba ta aiki a ko'ina. Ruwan da ake wanke fim da shi, na masu hoto na da ko na ɗakin hoton ƙashi a asibiti, yana tara azurfa, amma akwai tayosalfet a cikinsa, wanda ke riƙe azurfa da ƙarfin da ya fi na kuloraid. Ayon na azurfa mai yawo shi kaɗai ya yi ƙaranci a ciki, har idan aka ninka shi da kuloraid ɗin gishirin da aka zuba ba zai kai Ksp ba, don haka ba a samun gari. Amoniya ma haka take yi, shi ya sa farin garin ke ɓacewa idan ɗalibi ya ɗiga masa ita. Ruwan azurfa da amoniya kuwa ba a ajiye shi, domin idan ya daɗe yana iya haifar da wani baƙin abu mai fashewa. Ana sa masa asid a kwantar da azurfar a ranar.

A silba kuloraid ayon ɗaya ne ke tafiya da ɗaya. A wasu kuwa ɗaya ne da biyu, kamar kalsiyam fuloraid, CaF₂, inda ake ninka yawan fuloraid da kansa kafin a ninka da kalsiyam. Wannan ma'adini yana cikin duwatsu da yawa, kuma shi ne sau da yawa ke sa wa fuloraid na ruwan ƙarƙashin ƙasa iyaka. Inda ruwa ke da kalsiyam da yawa, fuloraid ba ya samun wurin hawa. Inda kalsiyam ya yi ƙaranci, kamar a ruwan rijiyoyin kwarin da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, fuloraid kan hau har ya ɓata haƙoran yara ya taɓa ƙashi. Saboda wancan ninki da kai, sai kalsiyam ya ragu sau huɗu kafin iyakar fuloraid ta ninku sau biyu. Mai binciken ruwan rijiya da ya ga kalsiyam ya yi ƙasa ƙwarai a sakamakon awo, yana da dalilin da zai nemi a auna masa fuloraid kafin a ce wa mutane su fara sha.